Na rubuta wa diloli a Ingila, ba wanda ya kula ni

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a Kakuri, nan Kaduna, mu tara ne har da ni. Muna sarrafa garin citta, busasshen zoɓo, yaji, garin kuka da kilishi, duk a fakiti, da lambar NAFDAC. Ƙanwata da ke aure a Landan ta ce shagunan kayan Afirka a can suna sayar da irin kayanmu, wasu ma ba su kai namu kyau ba. Na sa ɗana ya tattaro adireshin imel na kamfanoni kusan tamanin, muka rubuta wasiƙa mai shafi biyu da tarihin kamfani, muka haɗa da hotuna da kundin kaya, muka tura musu a lokaci ɗaya. Wata biyu ke nan shiru. Mutum ɗaya ne ya amsa, ya ce in biya dala 300 kuɗin rajista kafin su fara oda. In biya? Kuma yaya ake rubuta wa dilan da bai san mutum ba har ya kula shi?

Hajiya, daga Kakuri

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Kada ki biya ko sisi. Dilan gaske ribarsa a cikin kayan take, ya saya a wurinki ya sayar wa masu shago. Wanda bai ga samfur ba, bai tambayi farashi ba, bai tambayi takardar gwaji ba, amma ya fara da maganar kuɗin rajista, ba citta yake nema ba, dalarki yake nema. Ki rabu da shi, kada ma ki ɓata lokacin ba shi amsa.

Yanzu mu zo kan wasiƙar. Ina so ki fara zama a kujerar wanda zai karanta ta. Mutum ne a wani ofis da ke manne da sito a bayan gari, aikinsa sayen kaya wa kamfani. Da safe ya buɗe kwamfuta ya tarar da saƙonni rututu, daga Indiya, daga Ghana, daga Sin, kowa na cewa kayansa ne suka fi na kowa. Sai ga naki daga Najeriya. Ba daɗin ji, amma gaskiya ce: 'yan damfara sun ɓata mana suna a harkar imel tun shekaru da dama, har lambar 419 ta dokar laifuffukanmu ta zama sunan da duniya ta san abin da shi. To kafin ya kai ga tambayar ko kayanki na da kyau, tambayarsa ta farko ita ce, wace ce wannan, kuma ta ina zan tabbatar da ita ba tare da na tashi daga nan ba? Bayan ita sai, kayan nan zai wuce binciken tashar jiragen ruwa ko za a tsare mini shi? Sannan sai, akwai riba a ciki?

Kin san yadda ake cinikin citta a kasuwar Kachia. Mai saye ba ya sauraron kirarin mai kaya. Hannu yake zurawa can ƙasan buhu, ya zaro tsagi ɗaya, ya karya ya ji ko ta yi ƙas ko ta lanƙwashe saboda danshi, ya kai hanci, ya ɗan tauna. Dilan Ingila ba shi da halin yin haka, saboda haka aikin wasiƙarki ta farko shi ne ta ba shi abin da zai tsaya a madadin hannunsa da hancinsa: lambobi da takardun da zai iya bincika da kansa. Tarihin yadda kika fara da injin niƙa ɗaya a tsakar gida abin alfahari ne, kuma ranar ba da shi na zuwa, amma ba ya amsa ko ɗaya daga tambayoyin nan uku.

Ina ma kyautata zaton yawancin mutanen ba su ga wasiƙar ba sam. Saƙo ɗaya da aka tura wa mutum tamanin a lokaci guda, daga adireshin kyauta, ɗauke da hotuna masu nauyi, shi ne ainihin kamannin abin da na'urorin tace saƙo suke jefawa kwandon shara. Wanda ya tsallake ma, ma'aikatan kamfanoni da yawa an gargaɗe su kada su buɗe fayil daga baƙon da ba su sani ba. Gyaran wannan ba tsada. Ki yi wa kamfanin rajistar sunan shafi nasa na kansa, adireshinki ya zama sunanki a gaban sunan kamfanin, ki kuma buɗe ɗan shafi ko da fuska ɗaya ne, mai ɗauke da adireshin masana'anta, lambar waya, lambar rajistar CAC da hotunan kayan na gaske. Wanda zai haɗa muku, ki ce masa ya saita abubuwa uku da ake kira SPF, DKIM da DMARC. Su ne ke shaida wa akwatin mai karɓa cewa saƙon daga gidanku ya fito da gaske, ba wani ne ya ari sunanku ba. Kada ki tsaya a kan ya ce ya yi. Ki sa ɗanki ya tura gwaji zuwa wani adireshin Gmail, ya buɗe saƙon a kwamfuta, ya danna ɗigo ukun nan na gefe, ya zaɓi `Show original`. Idan ya ga `PASS` a gaban ukun, an yi aiki. Idan ya ga `FAIL`, a koma a gyara kafin a tura wa kowa komai.

Sannan ki ajiye jerin tamanin ɗin nan. Goma sun ishe ki, in dai goman gaske ne, kuma wadda za ta nemo miki su ƙanwarki ce, ba intanet ba. Ki roƙe ta ta shiga shagunan kayan Afirka, irin na unguwar Peckham a Landan, ta riƙa juya fakitin garin citta, barkono, egusi da makamantansu tana ɗaukar hoton bayansu. Doka a Birtaniya ta wajabta a sa suna da adireshin wani kamfani na cikin ƙasar a jikin abincin da ke cikin fakiti, saboda haka za ta ga an rubuta `Imported by` ko `Distributed by` da suna a gaba. Sunan da ya yi ta maimaituwa a shago uku ko huɗu, wannan dila ne mai motocin raba kaya da masu shago a hannunsa. Ta kuma ɗauki hoton farashin da ke kan kanta, za mu buƙace shi an jima. In ta saba da mai shagon, ta tambaye shi a wurin wa yake sari. Daga nan ki sa a duba kowane suna a shafin Companies House, wato hukumar rajistar kamfanonin Birtaniya. Kyauta ne, kuma zai nuna miki ko kamfanin na raye, shekarar da aka kafa shi da sunayen daraktocinsa. A ƙaramin kamfani, sau da yawa daraktan shi ne mai sayen kayan. Wasiƙar da ta kira mutum da sunansa ta fi wadda aka jefa a adireshin kowa-da-kowa samun amsa nesa ba kusa ba. Wannan binciken yana da wani amfani kuma: dokar can ta yarda a tura wa kamfani mai rajista saƙon talla ba tare da ya nema ba, muddin an bayyana ko wane ne mai turawa an kuma ba shi hanyar cewa a daina, amma ɗan kasuwa mai zaman kansa ba haka yake ba, sai da yardarsa. To ki tsaya kan kamfanoni masu rajista.

Abu na gaba zai ɗan yi miki ciwo. Daga cikin kayanki biyar, guda ɗaya za ki gabatar. Kilishi ki cire shi gaba ɗaya, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka yarda a shigo da nama daga cikinsu zuwa Birtaniya, kuma dila yana ganinsa a jerinki zai gane ba ki san dokar kasuwarsa ba, sai ya yi shakkar sauran. Yaji ma ki jinkirta shi. In da ƙuli-ƙuli a ciki, gyaɗa tana cikin abubuwa 14 da dole a bayyana su ɓaro-ɓaro a jikin fakiti saboda masu rashin lafiyar da jikinsu ba ya karɓar su, ga shi kuma ita ce kan gaba wajen ɗaukar gubar fumfuna. Haɗe-haɗen kaya da yawa a fakiti ɗaya tambayoyi da yawa yake jawowa. Ni da zan zaɓa miki, garin citta zan ɗauka. Abu ɗaya ne tak a cikin fakitin, kuma cittar kudancin Kaduna, ta Kachia da Jaba da Kagarko, masu harkar kayan ƙamshi a duniya sun san ta da zafi da yawan mai. Ba sai kin yi dogon bayani ba, sunan wurin ma talla ne. In cittar ta samu shiga, zoɓo da kuka za su biyo bayanta a kwantena ɗaya ba tare da kin sake ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, akwai abubuwan da dole su kasance a hannunki, kuma a nan yawancin ƙananan kamfanoninmu suke faɗuwa. Lambar NAFDAC tana da kyau, ki ambace ta, amma izinin sayarwa ne a gida. Abin da dila ke son gani shi ne sakamakon ɗakin gwaji a kan wani rukunin kaya takamaimai, daga ɗakin gwajin da ke da shaidar `ISO/IEC 17025`. Abu biyu zai fara kai ido a kansu. Na farko aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a jikin kaya idan an shanya su a ƙasa ko an ɗure su a buhu ba su gama bushewa ba. Ba a ganinta, ba a jin ɗanɗanonta, niƙa da dafuwa kuma ba sa kashe ta. Iyakar da Birtaniya da Tarayyar Turai suka sa wa citta ita ce mikrogiram 5 a kowane kilo ga nau'in B1, da mikrogiram 10 ga jimillar nau'o'in. Na biyu danshi, wanda masu saye ba sa son ya wuce kashi 12 cikin ɗari. Bayan su sai ƙwayar cutar salmonela da ragowar maganin ƙwari. Kada ki ɗauki na ƙarshen nan da wasa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin nan da muke kira piya-piya da aka riƙa samu a cikinsa, kuma masu shigo da abinci ba su manta ba. In sitonku ana fesa irin wannan don ƙwari, ki hana tun yau. Idan sakamakon gwajin ya fito ba daidai ba, wasiƙa ta dakata, a koma kan tabarmar shanya da wanda ke kawo miki ɗanyen kaya. Sai kuma takardar rajistar mai fitar da kaya ta NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ita ma ta kasance a hannu, don lambarta za ta shiga wasiƙar.

Sai lissafin katan da farashi, wanda za mu yi tare da lambobin misali, ke ki sa naki na gaske a gurbinsu. A ce fakitinki giram 100 ne, katan ɗaya na ɗaukar 48, wato kilo 4.8. A ce abin da injinku da ma'aikatanku za su iya fitarwa a wata, ba tare da an hana kwastomomin gida nasu ba, katan 200 ne. Fakiti 9,600 ke nan, kilo 960. Wannan lambar za ki rubuta, ba ninkinta ba. Na san zuciya za ta ce a ƙara don a ga kamfanin da girma, amma dila ya fi son ƙaramin da ke cika alkawari a kan babban da ke ba da haƙuri. Kuma masu sayen citta suna sane da abin da ya faru a daminar 2023, lokacin da cuta ta cinye gonaki a kudancin Kaduna, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Zai so ya san ko kina da ajiya ko manoman da kike hulɗa da su kai tsaye. Jimla ɗaya a kan wannan ta fi sakin layi uku na yabon kai.

Farashi kuwa daga kantar Landan ake faro shi a dawo baya, ba daga Kakuri a tafi gaba ba. Ga inda hotunan ƙanwarki za su yi aiki. A ce ta ga irin fakitinki ana sayar da shi fam 2.50. Mai shago ba zai saye shi sama da kamar fam 1.70 ba, don ya samu nasa. Dila kuma, kafin ya sayar a 1.70 ya biya sito da mota da ma'aikata ya ci riba, yana buƙatar kayan ya iso hannunsa a kamar fam 1.25. Cire kuɗin jirgi, inshora, fito da kaya daga tasha da gwajin da zai sake yi a can, a ce 0.30 a kan kowane fakiti. Abin da ya rage miki kusan fam 0.95 ne, kuma a cikinsa za ki biya citta, niƙa, leda, katan, mota daga Kaduna zuwa Legas, takardu da ɗan kiliyarin. In lissafin bai fita ba, gara ki sani yanzu. Wataƙila mafita ita ce ki ba shi garin a buhu mai kilo 25 ya zuba a fakitinsa da sunansa, abin da diloli da yawa suka fi so ma. Duk farashin da za ki faɗa, ki liƙa masa sharaɗinsa. `FOB Lagos` na nufin ke za ki kai kayan har cikin jirgi a Legas, daga nan kuɗin jirgi da hatsarin hanya nasa ne. Farashin da ba a faɗi inda ya tsaya ba, ba farashi ba ne a wurinsu. Akwai tashar kan tudu a nan Kakuri kusa da ke, wadda aka buɗe a 2018, ki je ki tambayi nawa ne a yi lodi da takardu a nan, ki gwada da na kai kaya Legas da mota.

To yanzu wasiƙar kanta. Da Turanci za ta tafi, amma ki fara tsara ta da Hausa don ki tabbatar kowace jimla abin da kike nufi ce, sannan a juya ta da Turanci mai sauƙi. Layin take shi ne kaɗai abin da zai gani kafin ya yanke shawarar buɗewa, saboda haka ya faɗi kaya, wuri da hujja. Ga irin abin da za a buga:

```
Ground ginger from Kaduna, Nigeria: 100g packs, lab report available
```

Ba rubutu da manyan baƙaƙe zalla, ba alamar motsin rai, ba kalmar gaggawa ko ta babbar dama, domin waɗannan su ne kayan aikin 'yan damfara. Cikin wasiƙar kuma ya tafi kamar haka:

"Zuwa ga wane. Sunana wance, ni ce shugabar kamfani kaza a Kaduna, Najeriya. Na ga kuna rarraba garin barkono da egusi a shagunan kudancin Landan, amma ban ga garin cittar Najeriya a jerin kayanku ba. Muna niƙa busasshiyar cittar Kachia, ba haɗi, muna zuba ta a fakitin giram 100, guda 48 a katan, ko a buhun kilo 25. Muna iya ba da katan 200 a wata, kuma muna saye kai tsaye daga manoma muna ajiye na wata shida. Gwajin rukuninmu na watan jiya ya nuna danshi kaza, aflatoksin kaza, ba salmonela. Lambar rajistarmu ta CAC kaza ce, ta NEPC kaza, ana iya duba ta farkon a shafin hukumar. Farashinmu yana farawa daga kaza a katan, FOB Lagos. In kun yarda, zan aiko da takardar bayanin kaya da samfurin fakiti shida a kan kuɗinmu. Wane adireshi zan aika? In wannan ba ɓangarenku ba ne, ku sanar da ni, ba zan sake damun ku ba."

Sai sunanki, muƙaminki, lambar waya da +234 a gabanta, adireshin masana'anta da na shafinku. Shi ke nan. Duka ba ta wuce abin da mutum zai karanta a fuskar waya ba tare da ya ja ƙasa sau biyu ba.

Ki lura da jimla ta uku, wadda ta ce na ga kuna rarraba kaza. Ita ce tsadar wasiƙar, kuma ita ce ba a iya kwafa daga dila zuwa dila. Tana gaya masa cewa mutum ne ya zauna ya dubi kasuwancinsa, ba inji ne ya watsa saƙo ba. In ya riga yana da garin citta daga wata ƙasa, kada ki ce ba shi da shi, ki ce kin ga nasa, naki ya bambanta da zafi, ki bar samfur ya yi magana. Ki kuma lura da abin da kika roƙa a ƙarshe. Ba ki ce ya zama wakilinki ba, ba ki ce ya yi odar kwantena ba. Adireshi kawai kika nema, abin da zai iya amsawa da layi ɗaya yana tsaye. Baƙon da ya nemi babban abu a ganin farko, amsa mafi sauƙi gare shi ita ce shiru.

Akwai abin da na cire da gangan, kuma na san zai yi miki nauyi: doguwar gaisuwa. Mu a wurinmu shiga magana ba tambayar iyali da gajiya rashin tarbiyya ne. A wurinsu, baƙon da ya buɗe wasiƙar kasuwanci da addu'o'i da kiran mutum ɗan'uwa ko masoyi, nan take ake tuna wasiƙun 'yan damfara na gadon marigayi. Gaisuwar layi ɗaya ta wadatar. Haka nan kada a sa kalmar roƙo, irin a taimaka mana mu ƙananan 'yan kasuwa ne. Ba tallafi kika je nema ba, kaya kika kai masa da zai ci riba da shi. Ban kuma sa fayil ko ɗaya ba. Takardar bayanin kaya, mai shafi ɗaya da hoton fakiti gaba da baya, girman katan, tsawon lokacin da kayan ke yi bai lalace ba da lambar kwastam ta garin citta, wato `0910.12`, tana jira a shirye, sai ya ce a turo.

Ki tura ɗaya bayan ɗaya, biyu ko uku a rana, da safiyar ranakun aiki. Lokacin bazararsu agogonmu ɗaya da Landan, lokacin sanyinsu kuma muna gabansu da awa guda. In mako ya wuce shiru, ki sake turawa a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu, kuma da sabon abu a ciki, misali an gama sabon rukuni ga sakamakonsa. Bayan mako biyu ki yi na uku, ko ki kira ofishin ki tambayi wa ke kula da sayen kayan ƙamshi. Daga nan ki ƙyale shi sai wata kakar. Kada ki bi mutum ta WhatsApp da saƙon murya da dare don kin ga lambarsa.

Shirun ma yana da fassara. Idan saƙonni na dawowa da sanarwar ba su isa ba, matsalar adireshi ce ko saitin da muka ambata. Idan goman duka sun yi shiru bayan bibiya, ki sake duba ko mutanen da suka dace kike rubuta wa, da layin take. Idan ana amsawa ana cewa a turo farashi sannan a ɓace, farashin ne, ki koma kan lissafin kanta. Amsar da za ki yi murna da ita ita ce mai tambayoyi masu gajiyarwa: katan nawa ke hawa kan katakon lodi ɗaya, wane irin tsarin tsafta kuke bi a masana'anta, za ku iya buga adireshinmu a fakiti, me ya sa danshinku ya kai kaza. Mai irin waɗannan tambayoyin lissafi yake yi. Ki amsa masa cikin kwana ɗaya, abin da ba ku da shi ki ce ba ku da shi, ga lokacin da za ku samu.

Abu biyu za su iya tasowa da wuri, ki shirya musu. Wani zai ce yana so ya zama shi kaɗai ne wakilinki a Birtaniya duka. Kada ki amsa wannan a imel, ko da wasa, domin rubutu ne kuma zai riƙe ki da shi. Ki ce a fara da odar gwaji, in an ga tafiyar kaya a zauna a rubuta yarjejeniya mai wa'adi da mafi ƙarancin abin da zai riƙa ɗauka a shekara. Wani kuma zai ce ki turo kaya ya sayar ya biya. A odar farko ki nemi wani kaso a gaba, ragowar idan an nuna masa takardar lodin jirgi, kuɗin kuma su shigo asusun kamfani ta banki bisa fom ɗin fitar da kaya waje, wato NXP, da za ki buɗe kafin kaya su fita, ba ta hannun wani ɗan'uwa ba.

Samfurin kuwa, ki ɗebo shi daga ainihin rukunin da aka gwada, lambar rukunin da ke jikin fakiti ta zo ɗaya da wadda ke kan takardar gwaji, domin zai iya kai shi nasa ɗakin gwajin ya gwama. Ki aika ta kamfanin aika saƙo mai lambar bibiya, da takardar da ta nuna samfur ne ba na sayarwa ba, ki tura masa lambar a ranar. Kada ki zaɓi mafi kyawun abin da kuka taɓa niƙawa in ba irinsa za ki iya cika katan 200 da shi ba, domin da wannan fakiti shida zai auna duk abin da zai sauka a sitonsa daga baya.